Haɗa diyapo da afish kyauta a kan tsohuwar kwamfuta: jagora ga malamai da ɗalibai na Tasawa da Mayahi

Yawancin kwamfutocin hannu da ke wajen malamanmu na kwaleji da lise, daga Tasawa zuwa Maijirgi, daga Mayahi zuwa Kanambakashe, ƴan gwanjo ne. Wasu an sayo su a kasuwar Maradi, wasu kuma ɗan'uwa ne ya aiko da su daga Kano, ko Agadas, ko ƙasar waje. Kwamfuta irin wannan, wadda muke ce ma ordinatar, tana rubuta wasiƙa lafiya lau. Amma ranar da aka ce ɗalibi ya haɗa diyapo na ekspoze, ko malami ya yi afish da za a manna a bangon lakwal, sai ta fara tsayawa, fankarta na kuka, aikin awa guda ya cinye yini.

Wannan jagora ta ɗauki hanya guda ta bi ta har ƙarshe: manhaja ɗaya ta kyauta wadda ba ta buƙatar intanet, da yadda za a yi diyapo takwas da afish ɗaya da ita, har su kai ga majigi da bango. Sunayen maɓallai mun rubuta su da Faransanci kamar yadda suke fitowa a allon yawancin kwamfutocinmu.

Fara da sanin ƙarfin kwamfutarka

Abin da ya fi hana tsohuwar kwamfuta sakat shi ne ƙarancin RAM. RAM kamar tabarmar shanya ce: duk abin da kake aiki da shi a lokacin, a kanta ake baje shi. Idan tabarmar ta cika, sai kwamfuta ta koma tana kai kaya rumbu tana ɗebowa, wato faifan ajiya, shi kuwa yana da nawa ƙwarai. Wannan kai da kawowa shi ne tsayawar da kake gani.

Don ka san girman taka, danna `Ctrl` da `Shift` da `Esc` tare. A Windows 10 ka shiga `Performances`, sannan `Mémoire`. Za ka ga jimillar RAM da kuma abin da aka riga aka cinye. Idan jiga 2 ce, Windows kaɗai ya kwashe fiye da rabi, don haka manhaja ɗaya za ka riƙa buɗewa. Idan jiga 4 ce, akwai ɗan sarari, amma buɗe shafukan intanet da yawa zai cinye shi. Ka kuma lura ko Windows ɗinka 7 ne ko 10, ko mai `32 bits` ne ko mai `64 bits`, domin shi ne zai nuna maka irin manhajar da za ka sauko da ita. Danna maɓallin Windows tare da `Pause` yana nuna wannan.

Wace manhaja, kuma don me

Wadda kowa ke ambato yanzu ita ce Canva, ta wani kamfanin Ostareliya da ya fara aiki a 2013. Tana da sashe na kyauta, tana da dubban samfura masu kyau, kuma malaman firamare da sakandare da suka tabbatar da aikinsu suna iya neman Canva for Education ba tare da biya ba. Sai dai aikinta ya dogara da intanet. A cikin burauza take tafiya, burauzar kuma ita kanta maciyiyar RAM ce. Inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, kamar yadda aka sani a ƙauyuka da dama na Urafan ko Isawan, za ka ga samfura sun ƙi buɗewa, forfe kuma yana ƙarewa. Akwai wani tarko: duk hoton da ke da alamar kambi na kuɗi ne, idan ka sa shi, sai a wajen sauko da aikin za a nemi ka biya. Wanda ke da waya mai ƙarfi da rezo mai kyau, gara ya yi Canva a wayar, ya bar kwamfutar ta huta. Google Slides ma a cikin burauza yake, matsalar kusan ɗaya ce.

Wadda ta fi dacewa da halinmu ita ce LibreOffice. Wata gidauniya mai suna The Document Foundation ke kula da ita tun 2010, kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, ba lambar sirri da za ta mutu bayan wata ɗaya. A cikinta akwai Impress na yin diyapo, akwai Draw na zane da afish, ga Writer na rubutu. Tana buɗe fayilolin PowerPoint, tana kuma iya ajiye aiki a irinsu. Nauyin fayil ɗin girkawa na Windows ya kai wajen mega 350. Sau ɗaya za a sauko da shi daga `libreoffice.org`, a sa a kile USB, ya zagaya lakwal duka. Raba shi halas ne, lasisinsa ya yarda da haka.

A kula da zubi. Daga zubi na 25.8 LibreOffice ta daina aiki a Windows 7 da 8. Mai Windows 7 ya nemi tsohon zubi kamar 7.6, wanda ke ajiye a `downloadarchive.documentfoundation.org`. Mai Windows XP ko Vista, zubi na 5.4 ne iyakarsa. Idan ka danna fayil ɗin girkawa ya ƙi tafiya, galibi ɗaya daga cikin biyu ne: ko zubin ya fi Windows ɗinka sabunta, ko ka ɗauko mai `64 bits` alhali naka mai 32 ne.

Akwai wasu na kyauta kamar Inkscape da Scribus da GIMP. Nagari ne, amma koyonsu na ɗaukar lokaci, kuma aikin lakwal bai kai a neme su ba.

Da ka gama girkawa, abu na farko shi ne kariya daga ɗaukewar kuran, domin batirin ƴar gwanjo ba abin dogaro ba ne. Shiga `Outils`, `Options`, `Chargement/enregistrement`, `Général`, ka tabbata an kunna ajiyar ceto ta kai-tsaye, ka mai da lokacinta minti 5. Duk da haka ka saba da danna `Ctrl` da `S` duk sanda ka gama shafi guda.

Hoto shi ne mai kashe kwamfuta

A ce wani malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa a wata kwaleji ta Tasawa yana da kwamfuta mai jiga 2. Yana son ya yi darasi a kan sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake toho a gona a riƙa gyara shi, dabarar da ta bazu a jihar Maradi tun shekarun 1980. Ya fita gona ya ɗauko hoto goma da wayarsa: gawo, da kalgo, da sabara, da gorubar Gulbin Kaba. Ya duba, kowane hoto mega 3 ko 4 ne, sai ya ce ai ba su da nauyi.

A nan kuskuren yake. Mega 3 ɗin nan nauyin hoton ne a naɗe, kamar tabarmar da aka nannaɗe aka jingine. Kafin kwamfuta ta nuna shi, sai ta warware shi. Hoton waya na yau da kullum yana da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, ɗigon nan shi ake kira fiksel. Idan ka ninka, fiksel miliyan 12 ke nan. Kowane fiksel yana cin wajen bayit 4 a RAM, don haka hoto ɗaya ya zama mega 48. Guda goma sun kai mega 480, kusan duk abin da Windows ya rage ma malamin.

Majigin kuwa ba zai taɓa nuna waɗannan fiksel miliyan 12 ba. Tsofaffin majigai da yawa 1024 da 768 kawai suke nunawa. Idan aka rage hoton zuwa 1280 da 960, ido ba zai ga bambanci a bango ba, amma nauyinsa a RAM ya koma ƙasa da mega 5. Hoto goma, mega 50 ba su cika ba. Kashi ɗaya cikin goma ke nan na nauyin farko.

Ragewar ba ta buƙatar sabuwar manhaja. Ka fara yin kwafin hotunan a wata jaka, don na asali su tsira. Buɗe kwafin da Paint, wanda ke cikin kowane Windows, danna `Redimensionner`, zaɓi `Pixels`, rubuta 1280 a gidan `Horizontal`, ka bar alamar kiyaye daidaito a kunne don kada hoton ya miƙe, sannan ka ajiye. Hoton da ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum an riga an rage shi, ya isa diyapo. Idan kuma ka riga ka zuba manyan hotuna a cikin Impress, danna hoton da maɓallin dama, zaɓi `Compresser`, ka sa 150 DPI. Amma ragewa kafin a zuba ta fi, domin kwamfutar ba ta ɗauki nauyin ba tun farko.

Alamar cewa hoto ne matsalarka: rubutu na tafiya lafiya, amma da ka isa shafi mai hoto sai komai ya daskare, ko ajiyewa ta ɗauki minti guda. Ka duba nauyin fayil ɗin. Diyapo takwas masu hotunan da aka rage ba su kamata su wuce mega 3 ko 4 ba. Idan ka ga mega 30, to akwai hoton da ya shiga da girmansa.

Haɗa diyapo takwas

Da ka buɗe Impress zai nuna maka samfura. Rufe su ka ɗauki farin shafi. Ajinmu yana da haske, tagogi ba labule, majigi kuma ya tsufa. A irin wannan wuri baƙin rubutu a kan fari shi ne ake gani daga bencin baya. Shuɗi mai duhu da jan rubutu yana da kyau a allon kwamfuta, amma a bango sai ya zama laka.

Kafin ka rubuta komai, tambayi irin majigin da za a yi aiki da shi. Idan tsoho ne mai hoto kusan murabba'i, shiga `Diapo`, `Propriétés de la diapo`, ka zaɓi 4:3. Idan sabo ne ko talabijin ce, bar shi a 16:9. Sauya wannan bayan an gama aiki yana hargitsa wurin hotuna da rubutu.

Malaminmu zai iya tsara nasa haka. Shafi na farko take da sunan aji. Na biyu hoton gonar da aka share ƙarƙaf, da tambaya guda: me iska ke yi ma wannan ƙasa? Na uku da na huɗu itatuwan da ke toho daga kututture. Na biyar gawo shi kaɗai, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi ma hatsi inuwa, ya kuma yi ganye da rani. Na shida da na bakwai matakan gyaran toho. Na takwas tambayoyi uku ga ɗalibai. Kowane shafi magana ɗaya, hoto ɗaya, layi uku ko huɗu. Girman take lamba 40, sauran rubutu kada ya gaza 28. Idan rubutu ya ƙi shiga a lamba 28, ba ƙanƙanta shi za a yi ba, raba shi za a yi shafi biyu, ko a bar sauran a faɗa da baki.

A bar rawar shafi da haruffa masu tashi. Su ne ke sa tsohuwar kwamfuta sarƙewa a gaban jama'a. Bidiyo ma kada a cusa shi cikin diyapo. A ajiye shi daban, a buɗe shi da VLC idan lokacinsa ya zo. Idan tsohon zubi ne da kai kuma ka ga allon Impress na ƙyaftawa ko yana barin baƙaƙen tabo, shiga `Outils`, `Options`, `Affichage`, ka kashe zaɓin da ke ɗauke da sunan Skia, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Tsofaffin kwamfutoci da dama ba sa jituwa da shi.

Haruffa masu ƙugiya

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, rubuta ta daidai a afish ya ƙara zama wajibi. Ƙasa daban, kasa daban. Ɓata daban, bata daban. Allon rubutunmu na AZERTY ba shi da waɗannan haruffa, amma LibreOffice na da hanya. Ka rubuta lambar harafin, sannan nan take ka danna `Alt` da `X`, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafi.

```
ɓ U+0253   Ɓ U+0181
ɗ U+0257   Ɗ U+018A
ƙ U+0199   Ƙ U+0198
ƴ U+01B4   Ƴ U+01B3
```

Ka riƙa haɗawa da `U+` ɗin. Idan ka bar shi, a kalma kamar baƙi, manhajar na iya ɗaukar b da a a matsayin wani ɓangare na lambar, ta fito maka da wani baƙon harafi ko ta ƙi yin komai. Mafi sauƙi ma, ka yi haruffan takwas sau ɗaya, ka ajiye su a ƙaramin fayil, ka riƙa kwafowa.

Ba kowane salon rubutu ke da su ba. Idan ka ga ɗan akwati a wurin ƙ, ko ka ga ƙ ɗin ta fi sauran haruffa siranta kamar baƙuwa a cikinsu, salon da ka zaɓa ba shi da ita, an aro ta ne daga wani. DejaVu Sans yana zuwa tare da LibreOffice kuma yana da su duka. Andika, na ƙungiyar SIL, kyauta ne, an yi shi musamman don masu koyon karatu, ya dace da ƴan firamare. Salo masu ado da lanƙwasa su ne suka fi rasa ƙugiya.

Afish babba daga takarda A4 huɗu

Ba kowane shagon buga takarda ke da injin A3 ba, balle wanda ya fi shi. A4 kuwa, mai santimita 21 da 29,7, ana samun ta duk inda ake fotokopi. Dabarar ita ce a zana afish babba, a yanka ta gida huɗu, a buga, a liƙa.

A lissafi, A4 huɗu suna ba da A2, wato 42 da 59,4. Amma idan ka zana a wannan girman za ka sha mamaki, domin injin ba ya bugawa har bakin takarda, kuma wajen liƙawa sai wani gefe ya hau wani. Mu bar santimita 1 a kowane gefe, wurin bugu ya koma 19 da 27,7. Takarda biyu a jere sun ba da 38, a cire santimita 1 na hawa, saura 37. A tsaye kuma 55,4, a cire 1, saura 54,4. To girman afish ɗinmu shi ne 37 da 54.

Buɗe Draw, shiga `Page`, `Propriétés de la page`, rubuta 37 a faɗi da 54 a tsayi. Afish ta malaminmu kashi uku ce. A sama take, SASSABEN ZAMANI, layi biyu, DejaVu Sans mai kauri, lamba 140. A wannan girman kowane babban harafi ya kai santimita 3 da rabi, ana karanta shi daga ƙofar aji. A tsakiya hoto guda mai faɗin santimita 33. A ƙasa layi uku a lamba 44: kada ka tone kututture mai rai; zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi; sare sauran da wuƙa mai kaifi. Can ƙasa sunan lakwal da aji da ƙaramin rubutu. Maɓallin `F2` ne ke ba ka akwatin rubutu.

Hoton afish ya fi na diyapo buƙatar fiksel, domin takarda ana matsowa kusa da ita. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ninka faɗin hoton a santimita da 60. Faɗin 33 yana son fiksel 1980, a ce 2000. To wannan hoton guda, a rage shi daga na asali zuwa 2000, ba 1280 ba. Idan ka ɗauki ƙaramin hoto na fiksel 600 ka ja shi ya cika santimita 33, zai fito da tsani-tsani kamar tubali. Kana iya gane haka tun kafin ka kashe kuɗin bugu: ƙara girman kallo zuwa 100 bisa 100 a Draw, abin da ka gani kusan shi ne zai fito.

Ka tuna da mahaɗa. Layin liƙi zai ratsa tsakiyar afish a tsaye da kuma a kwance, su gamu a cibiya. Hoton itace ko gona yana jure haka, amma kada fuskar mutum ko ƙaramin rubutu su faɗo a nan. Idan kuma baƙi da fari za a buga, zaɓi hoton da abin da ake son nunawa ya bambanta da bayansa sosai. Koren ganye a kan jar ƙasa, idan launi ya tafi, duk toka ɗaya suke zama. Kada ka yi ma afish baƙin baya, yana shan tawada, kuma tsohon inji zai bar masa fararen zane.

Yankawa kuma akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna PosteRazor da aka yi don wannan aiki kaɗai. Hoto take karɓa, don haka a Draw ka shiga `Fichier`, `Exporter`, ka zaɓi PNG, ka mai da ma'auni zuwa `pixels`, ka rubuta 2220 a faɗi, wato 37 sau 60. PosteRazor zai bi da kai mataki biyar: ɗauko hoton, zaɓi A4 a tsaye da gefe santimita 1, sa hawa santimita 1, sa faɗi shafi 2, sannan ajiye. Zai ba ka PDF mai shafi huɗu. Idan ka ga shida, ɗaya daga cikin ma'aunan nan ya kauce, koma ka duba. A shago ka ce a buga a `Taille réelle`, wato ainihin girma, kada a taɓa `Ajuster`. Bayan bugu, yanke farin gefen takardar da za ta hau sama, daidaita haruffan take tukuna, sannan ka liƙa a kan kwali. Kafin ka buga huɗun, buga shafi ɗaya, ka jingine shi, ka ja baya taku shida ka gani ko ana karantawa.

Fita da aiki daga kwamfutarka

Aiki da yawa a nan yake lalacewa. Ka gama a gida lafiya, ka kai wata kwamfuta, sai rubutu ya zame, ƙugiyoyi suka zama akwatuna, saboda ita ba ta da salon rubutunka. Maganin shi ne PDF, domin yana tafiya da haruffansa a cikinsa. Shiga `Fichier`, `Exporter vers`, `Exporter au format PDF`. Ka ajiye fayil biyu kullum: na asali mai ƙarewa da `.odp` ko `.odg` don gyara, da PDF don nunawa da bugawa. Idan malamin jami'a, misali a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, ya ce lallai sai PowerPoint, yi `Enregistrer sous` ka zaɓi `.pptx`, amma ka buɗe shi a wata kwamfuta ka duba kafin ranar, kuma PDF na aljihunka.

PDF ma ana nuna shi kamar diyapo. SumatraPDF manhaja ce ƙarama ta kyauta mai buɗewa nan take ko a kwamfuta mai jiga 2. Danna `F5` ya cika allo, kibiya ta kai ka shafi na gaba. A Impress ma `F5` ne ke fara nuni. Idan ka haɗa majigi bango ya ƙi nuna komai, danna maɓallin Windows da `P`, ka zaɓi `Dupliquer`. Ka duba bakin waya tun jajibiri: tsohon majigi VGA ne mai shuɗin kai, sabo HDMI ne, idan ba su dace da kwamfutarka ba sai da ɗan mahaɗi.

Inda babu majigi ko kuran, aikin bai faɗi ba. A wajen bugawa a Impress, zaɓi `Prospectus`, ka sa diyapo huɗu a kowace takarda, takwas ɗin sun shiga takarda biyu, a yi fotokopi a raba ma rukuni-rukuni. PDF mai mega 2 kuma yana wucewa ta WhatsApp ko Bluetooth zuwa wayoyin iyaye ba wahala.

Saura ƙwayar cutar kile. Ka kai kile shago ka dawo, sai ka tarar fayilolinka sun zama `Raccourci`, masu ƴar kibiya a gindi, nauyinsu kilo 1 ko 2. Kada ka danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfutarka. Galibi fayilolin na nan, ɓoye su aka yi. Ka fara bincika kilen da maganin ƙwayar cuta, sannan ka buɗe `cmd` ka rubuta wannan, kana sauya E da harafin kilenka:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Fayilolin za su bayyana, ka kwashe su, ka goge gajerun hanyoyin. Mafi kyau, ka ware kile guda na zuwa shago, kada ya zama shi ne kaɗai ma'ajin aikinka.

Ga ƴan'uwa da ke waje

Masu aiko ma ƙanne da ƴaƴa kwamfuta daga Kano, Legas, Abijan, Aljeriya ko Turai, ga inda kuɗinku zai fi amfani. Ku nemi mai RAM jiga 4 aƙalla, 8 idan da hali. Ku tambaya ko faifanta SSD ne, domin sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD yana farfaɗo da kwamfuta fiye da duk wani gyara. Ku gwada batirin, ku cire caja ku ga ko zai yi awa biyu, don a ƙauyen da sai an kai caji wajen mai sola, batir ya fi kyan jiki muhimmanci. Tun kuna inda intanet ke da arha, ku sa LibreOffice da SumatraPDF da PosteRazor da VLC da salon Andika, ku kuma zuba fayilolin girkawarsu a kile guda ku haɗo da ita, tare da mahaɗin HDMI zuwa VGA. Idan kwamfutar ta zo da Office da ke nuna jan layi yana cewa ba a kunna shi ba, kada yaro ya je neman na sata a intanet, ta nan ƙwayoyin cuta ke shigowa. Abin da ke cikin kilen ya ishe shi, ya kuma ishi duk malaman lakwal ɗinsu.